Shugaba, in ka ba da akuya ka saki igiyar



Bara, ana saura kwana shida mu yi gayyar yashe lambatun unguwarmu a nan Maradi, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. Kwana tara na yi a kwance. Ranar da na samu ƙarfin ɗaukar waya, na tarar da kira sama da 40 da ban amsa ba, ga saƙonnin murya a WhatsApp ɗin ƙungiya, kowa tambayarsa ɗaya: yaya za a yi? Ba a yi gayyar ba. Mu 14 ne a ƙungiyar, 13 lafiyarsu ƙalau, amma aikin ya kwanta tare da ni.

Zan faɗi gaskiya, abin da na fara ji a raina daɗi ne. Na ce ashe in ba ni, ba su. Sai da wata ƴar uwarmu ta zo duba ni, wadda takardun ƙungiya suka ce ita ce ma'aji, ta ce: "Yaya, sannu da jiki. Amma ka san shekara biyu ke nan ina ma'aji ban taɓa ganin kuɗin da idona ba?" Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Tana dariya ma. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba, don na san kuɗin suna cikin asusun wayata, littafin lissafi yana ƙarƙashin katifata, lambobin masu ba mu aron baro da shebur suna cikin kaina. Ko sun so su yi aikin, da me za su yi?

Ra'ayina a kan wannan magana shi ne: shugaban da ƙungiyarsa ke tsayawa cik ranar da ya kwanta ciwo bai gina ƙungiya ba tukuna, komai yawan aikin da hannunsa ya yi. Kuma raba aiki ya fi ƙarfin a ce "wane, je ka yi kaza". Bana na gwada karo na farko, na yi daidai a wasu wurare, na yi kuskure babba a wuri ɗaya, kuma kuskuren ya fi koya mini. Shi ya sa zan ba ku labarin dalla-dalla. Ba zan faɗi sunan kowa ba, da laƙabin da muke kiran juna a fada zan kira su.

Kafin nan, bari in faɗi dalilin da ya sa nake riƙe komai, don na san ba ni kaɗai ba ne. In an tambaye ni a lokacin, cewa nake yi ya fi sauri. Kuma gaskiya ne, rubuta takardar neman izini minti 20 take ɗaukata, koya wa wani yadda ake rubutawa kuwa sai ya ci mini yamma guda. Dalili na biyu tsoro ne. Duk mun ga ƙungiyoyin da maganar jika 10 ta wargaza, na ce gara kuɗin su zauna a hannun da na sani. Na uku shi ne wanda ba na faɗa wa kowa: ina son a ce ni na yi. In mai unguwa zai yi godiya, sunana yake kira. In an ɗauki hoto, ni ne a tsakiya riƙe da shebur. Duk shugaban da ya ce wannan na ukun ba ya cikin ransa ko kaɗan, to ya sake dubawa.

Kowa ya tuna daminar 2024. Ruwan ƙarshen watan Agusta ya rusa gidaje a Maradi, ya ci rayuka, a Damagaram kuma har tsohon masallacin ƙasa mai tarihi ya rushe. Yashe lambatu ɗaya ba zai hana ambaliya irin wannan ba, amma a layinmu shi ke raba tsakanin ruwan da ya wuce da ruwan da ya kwana a gindin katangar ƙasa. Saboda haka bana na ce ko ina nan ko ba na nan, sai an yi.

Abu na farko da na yi, na zauna da takarda na rubuta duk abin da nake yi da kaina kafin gayya da ranar gayya. Na zaci za su kai goma. Sun kai 23. Akwai manya kamar zuwa wurin mai unguwa, akwai ƙanana kamar sayen ƙanƙara da tuna wa liman ya yi sanarwa. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina: wannan, in wani ya yi, mutanen waje za su ƙi karɓa ne don ba shugaba ba ne? Huɗu kaɗai suka tsallake wannan tambaya: gaisuwar farko wurin mai unguwa, sa hannu a takardar da za a kai hukuma, raba gardama in ta tashi tsakanin mambobi, da tsayawa gaban jama'a a ba da haƙuri in abu ya lalace. Sauran 19 ɗin, ba shugabanci ya ɗora mini su ba, sabo ne kawai.

A nan ne na kusa yin kuskuren da yawancinmu ke yi. Na fara rarraba 19 ɗin nan ɗaiɗai: wane ka sayo safar hannu, wance ki kira mai ruwa. Da na duba sai na ga wannan aike ne. Wanda ka aika, in ya tarar shagon a rufe, dawowa zai yi ya tambaye ka ina zai je kuma. Kanka ne dai ke ɗauke da aikin, ƙafafunsa kawai ka ara. Wakilci kuwa shi ne ka ba mutum sashe guda cikakke, da farkonsa da ƙarshensa, yadda in shagon a rufe yake shi zai nemi wani, don abin da aka ɗora masa shi ne safar hannu su kasance a wurin ranar Asabar da safe.

Don haka na dunƙule su sashe biyar. Tela ya ɗauki kayan aiki: baro, shebur, manjagara, safar hannu, takunkumin hanci, daga aro har mayarwa. Mai Babur ya ɗauki kwashe sharar da za a fitar, wato amalanke da wurin zubarwa. Malama ta ɗauki ruwa da abinci. Auta ya ɗauki shela da tara jama'a. Ma'aji kuma ta zama ma'aji da gaske: a gaban kowa na tura mata kuɗin, na miƙa mata littafin. Jika 85 ne muka tara daga karo-karo da gudummawar ƴan kasuwar layin. Muka kasa su haka: jika 20 na amalanke huɗu, jika 25 na kayan aiki da gyaran baro, jika 30 na ruwa da abinci, jika 10 ajiya don abin da ba a zata ba.

Kowanne na zauna da shi shi kaɗai, muka yi magana a kan abu huɗu, kuma na sa ya maimaita mini da bakinsa a saƙon murya don kada gobe a ce ba haka aka ce ba. Na farko, me za a gani a ƙasa in aikin ya yi. Ga Mai Babur ban ce "ka nemo amalanke" ba, cewa na yi kada tulin shara ko ɗaya ya kwana a bakin lambatu ranar Asabar. Na biyu, nawa ne kuɗinsa. Na uku, me zai yanke shi kaɗai ba tare da ya kira ni ba: zaɓen masu amalanke, ciniki, lokacin zuwansu, har ma taɓa kuɗin ajiya in ma'aji ta yarda. Na huɗu, yaushe za mu duba inda aka kwana. Muka sa ranar Talata da ranar Alhamis bayan sallar isha'i, a fada, minti goma kowane sashe. Tsakanin waɗannan ranaku na yi alkawari ba zan tambayi kowa komai ba.

Wannan zama ya ci mini yamma uku. Da ni kaɗai ne, a yamma uku da na gama rabin shirin. Duk wanda zai raba aiki karo na farko ya san da wannan: karon farko ba ya rage gajiya, ƙara ta yake yi. Shi ya sa ba a farawa ana saura kwana biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu mun fara ana saura mako uku.

Akwai wani mataki da na gano yana da nauyi a garinmu fiye da yadda ake koya mana a tarurrukan horo. Ba ya isa a naɗa mutum a cikin fada, sai an kai shi an nuna wa mutanen waje. Na ɗauki Auta muka je wurin mai unguwa, muka durƙusa muka gaishe shi, na ce: "Baba, wannan ƙanena ne, bana shi ke riƙe da maganar shela. Abin da ya faɗa maka, ƙungiya ce ta faɗa." Baba ya dube shi ya ce: "To ɗana, Allah shi taimaka. Amma wanga yaro zai iya?" Na ce zai iya, Baba. Haka na kai Tela wurin dattijon da ke ba mu aron baro. Haka na kai Mai Babur wurin babban masu amalanke. A wurinmu mutane ba sa hulɗa da muƙami, da fuskar da suka sani suke hulɗa, kuma sai ka ɗauki amanar da suka ba ka ka ɗora ta a kan wani a gaban idonsu.

Duk wannan na yi shi daidai. Sai ranar Laraba.

Ranar Talata Mai Babur ya ba da bayaninsa: amalanke huɗu, jika 5 kowace, daga ƙarfe 8 zuwa azahar, ya ga wurin zubarwa da idonsa. Babu abin da ya rage. Amma da daddare barci ya ƙi zuwa. Ina ta tunanin ko ya gaya musu layin da za su shigo, ko sun gane Asabar ɗin nan ce ba ta sama ba. Da safe na ɗauki waya na kira babban masu amalanken. Na ce gaisuwa ce kawai, sai na ɗan tambayi yadda suka yi da yaron, har na ƙara da cewa in akwai wata matsala ya kira ni kai tsaye. Kiran bai kai minti uku ba. Na ajiye waya hankalina kwance, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar muka fara bayan sallar asuba, tun rana ba ta yi zafi ba. Lambatun ya kai mita 600. Daga ƙasa muka faro, inda ruwa ke fita, muna hawa sama, don in rana ta kore mu kafin a gama, abin da aka buɗe zai yi aiki. Yashi da leda da suka fito sun fi abin da muka ƙiyasta nesa ba kusa ba, don shekara biyu ke nan ba a taɓa wurin ba. Wajen ƙarfe 11 kwalba ta yanke wani yaro a ƙafa, yanka mai zurfi. Na ɗauke shi a babur na kai shi likita, aka wanke, aka ɗinke, aka yi masa allura. Wayata tana aljihun rigar da na cire na rataya a shagon Tela. Awa biyu da rabi na yi a can.

A cikin wannan lokaci azahar ta yi, tuli kusan 20 suna nan ba a kwashe ba. Masu amalanke suka ce lokacinsu ya cika, in ana so su ƙara zuwa la'asar sai a ƙara musu jika 2 kowanne, jika 8 ke nan. Kuɗin suna nan a ajiya. Ma'aji tana wurin, ta yarda. Mai Babur yana da izini tun mako uku da suka wuce. Amma da ya matsa zai yi ciniki, babbansu ya ce masa: "Kai yaro, bari shugabanku ya zo. Da shi munka yi magana ran Laraba, ya ce in da matsala shi za a kira." Suka kira ni sau bakwai, waya na ta ƙara a aljihun riga. Suka jira rabin awa, suka kaɗa dabbobinsu suka tafi neman lodin kasuwa.

Da na dawo na ga tulin, raina ya ɓaci, amma na ce ba komai, Litinin a kwashe. Daren nan aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ƙa'idarsa: abin da ka fitar daga lambatu, in ya kwana a bakinsa, aro ka yi. Da gari ya waye, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum 50 suka haƙo da gumi ya koma inda ya fito.

Ranar Lahadi a fada na buɗe baki zan fara tambayar Mai Babur me ya hana shi yanke shawara. Ya riga ni. Ya ce: "Yaya, kafin ka ce komai, ran Laraba ka kira mutumen nan?" Na ce na kira, gaisuwa ce. Ya ce: "Gaisuwar ce ta kashe ni. Ka kai ni gabansa ka ce ni ne, sannan ka bi ta baya ka ce masa kai ne. Da ya faɗa mini a gaban yaransa, wallahi ni kaina sai na ji ban san ko izinin da ka ba ni na gaske ne ba. In za ka yi abinka ka yi, ni in koma in ɗauki fasinja." Fada ta yi tsit, ba ka jin komai sai tafasar shayi.

Yana da gaskiya, kuma a gaban kowa na ce yana da gaskiya. Na ba shi akuya na riƙe igiya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji ina yin laifi ba a lokacin da nake kiran. Ji na yi ina taimako, ina kula. Haka karɓe aiki yake zuwa wa irinmu. Ba wanda ke tashi ya ce na ƙwace. Da "bari in ɗan tabbatar" yake farawa, ko "tunda ina wucewa ta wurin", ko ka amsa a WhatsApp tambayar da wani aka yi wa don kawai ka riga shi gani. Kowane ɗaya daga cikinsu saƙo ne ga mutanen waje cewa wakilin nan na ado ne, kuma saƙo ne ga wakilin cewa kada ya wahalar da kansa.

Gyaran da muka yi shi ne wanda ya kamata in yi tun ran Laraba. Na koma wurin babban masu amalanken tare da Mai Babur, na ce: "Malam, kuskure na yi da na ce a kira ni. Maganar amalanke ba ta hannuna, ko ka kira ni wurinsa zan turo ka." Ranar Litinin Mai Babur ya yi cinikinsa, mu 12 muka sake yashe abin da ya koma, aka kwashe a take. Jika 9 ya ci daga ajiya. Da an biya 8 ranar Asabar, da ba a yi aikin sau biyu ba. Tun daga ranar, in damuwa ta hana ni barci, wakilin nake kira in tambaye shi, ba mutumin da yake hulɗa da shi ba. In wani na waje ya kira ni kuma, amsata ɗaya: ga lambar wanda ke riƙe da maganar.

Wani zai ce, to shike nan sai a zuba ido komai ya lalace? A'a. Ga abin da ya faru da sauran biyun, don su ne suka koya mini bambanci tsakanin aikin da aka yi ba yadda na saba ba da aikin da ba a yi ba.

Ranar Talata Malama ta ce ba za ta sayi abinci wurin mai tuwon da nake saye kullum ba. Ta zaga gidajen layin, ta yi magana da iyayenmu mata, gida shida sun yarda su dafa shinkafa da wake in an kawo musu kayan. Cikina ya ɗuri ruwa. Na hango abinci yana zuwa a makare, wani da gishiri wani babu. Har na buɗe baki, sai na tambayi kaina: abin da muka yi yarjejeniya a kai, wato mutum 50 su ci su sha kafin azahar a cikin jika 30, hanyarta za ta kai can? Za ta kai. Tambaya ɗaya na yi mata, in gida ɗaya ya fasa fa? Ta ce shi ya sa ta nemi shida alhali huɗu sun isa. Na yi shiru. Ranar gayya abinci ya zo a kan lokaci, jika 21 ta kashe, kuma matan da suka dafa su ne yanzu ke tsawata wa yaran da ke zuba shara a lambatun, don aikin ya zama nasu. Shekara uku ina wannan gayya, dabarar ba ta taɓa zo mini ba, saboda ni ba na shiga cikin gidaje in zauna da iyaye mata yadda take yi.

Auta kuma labarinsa daban. Ranar Talata ya ce komai na tafiya. Na tambaye shi masallaci nawa ya je, ya ce yana kan hanya. Fada nawa ya zaga, ya ce ya sa sanarwa a WhatsApp. Wannan ita ce alamar: wanda aikinsa ke tafiya da suna da lamba yake amsawa, ya ce na ga wane, ya ce kaza, saura biyu. Wanda ya maƙale kuwa "ba matsala" da "in sha Allahu" kaɗai za ka ji. Da na ja shi gefe sai ya faɗi gaskiya, kunyar tsayawa gaban liman yake ji, bai san yadda zai fara ba. A da, da tuni na ce bar shi, ni zan je. Wannan karon na raka shi masallaci ɗaya, na yi gaisuwa na ja baya, shi ya yi bayani, murya na rawa. Sauran masallatai uku da fada biyar shi kaɗai ya je. Ranar Alhamis ya zo da sunayen mutum 38 da suka yi alkawari. Amfanin ranar dubawa ke nan: ta kama matsalar ana saura kwana huɗu, lokacin da gyara yake yiwuwa ba tare da an karɓe aikin daga hannunsa ba.

Maganar kuɗi fa, wadda ita ce tsoron kowa? Ban ce a miƙa wa mutum ɗaya a juya baya ba. Amma ku lura, lokacin da kuɗin ke wayata, mutum ɗaya ne ke karɓa, shi ke kashewa, shi ke rubutawa, ba mai duba shi. Wannan shi ne tsari mafi haɗari, ko da mutumin ni ne. Yanzu mai sashe ne ke nema, ma'aji ke fitarwa ta rubuta, ni ina dubawa, kuma bayan gayya an ɗauki hoton shafin littafin an sa kowa ya gani: an tara 85, an kashe 75, saura 10. Wata gardamar da nake ji ita ce, ai ƴan sa kai ne, ba albashi ake ba su ba, ba za ka iya dogara da su ba. Abin da na gani akasin haka ne. Mutumin da ba ka biya, abin da kawai za ka iya ba shi shi ne wani abu da zai nuna ya ce wannan ni na yi. Mambobi biyar sun bar mu a shekara biyu, a lokacin na ce lalaci ne. Yanzu ina zargin sun gaji ne da zuwa ɗaukar kujeru da tafa wa shugaba.

Abu ɗaya dai ba ya rabuwa. Da ruwa ya mayar da sharar, mai unguwa ya aiko a kira shugaba, kuma ni na je. Ban ce masa yaron da na sa ne ya kasa ba. Na ce Baba, mun yi kuskure, Litinin za mu gyara. In wakili ya san ranar da abu ya lalace za ka miƙa wuyansa ga jama'a, ba zai ƙara yanke shawara ko ta dala ɗaya ba sai ya kira ka, kuma kun koma gidan jiya.

Ƴan uwa, mu ne muke cika shafuka da kukan cewa manya sun ƙi sakin wuri, sun tattara komai a hannunsu, ba sa yarda da matasa. To mu duba ƙungiyoyinmu na farar hula. Nawa ne takardunsu ke ɗauke da sunan magatakarda da ma'aji da mai kula da shirye-shirye, alhali hatimi da kuɗi da lambar sirrin shafin duk suna jakar mutum ɗaya? Nawa ne suka mutu ranar da shugaban ya samu aiki a Yamai ko ya tafi karatu waje? Wanda ya kasa sakin cinikin amalanke huɗu yana da shekara ashirin da wani abu, ban ga abin da zai sa ya saki ma'aikata guda ba in ya kai hamsin. Halin tun daga fada ake koyonsa.

In kana riƙe da wata ƙungiya, ko ta mutum biyar ce, gwada wannan kafin zamanku na gaba. Rubuta duk abin da kake yi da hannunka, ka ware ƴan kaɗan ɗin da dole sai shugaba. Cikin sauran ka zaɓi sashe ɗaya cikakke, wanda in ya ɗan karkace ba za a mutu ba, ka ba mutum ɗaya. Ku yi magana a kan abin da za a gani a ƙarshe, da kuɗinsa, da abin da zai yanke shi kaɗai, da ranar dubawa. Ka kai shi ka nuna wa mutanen da zai yi hulɗa da su. Sannan in daren Talata ya zo barci ya ƙi, kada ka taɓa lambar mai amalanke.

Gayyar da za mu yi bayan damina, Malama ce za ta ja ta gaba ɗaya. Ni an ba ni sashen kayan aiki, a ƙarƙashinta, kuma ta riga ta sa mini ranar dubawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya.